Daga awa 12 zuwa awa 8: yadda wani kamfanin casar shinkafa a Katsina ya sauya lokutan aiki

## Yadda ake aiki kafin sauyin

Kamfanin yana bayan garin Katsina. Yana sayen shanshera, ya jiƙa, ya turara, ya busar, ya cashe, sannan ya ɗura a buhu. Ma'aikata maza 48 ne a kan injina, an raba su rukuni biyu na mutum 24. Masu aikin rana suna shiga ƙarfe 7 na safe su tashi 7 na yamma, masu aikin dare su karɓe su har 7 na safe, kuma duk mako ana musanya. Ana aiki daga Litinin zuwa Asabar, ran Lahadi a kashe injina a yi gyara. Akwai kuma mata 7 masu ɗinkin baki da manna takarda a buhu, su da rana kawai suke aiki.

Takardar ɗaukar aikin kowa ta ce aikin yini awa 8 ne, ta kuma faɗi lokacin shiga da na tashi. Mutum yana yin awa 12 a kamfanin, a cire awa ɗaya ta salla da cin abinci, saura 11. Awa 3 da suka haura 8 ana biyan su daban, naira 400 kowace awa. A wata mai ranakun aiki 26 wannan ya kama awa 78, wato naira 31,200. Ƙaramin ma'aikaci mai albashin naira 78,000 yana komawa gida da 109,200 kenan, kuma shekara da shekaru haka ake, har ya zama ba wanda yake kallon 31,200 ɗin a matsayin ƙari.

Dalilai biyu suka sa shugabannin kamfanin son sauyi. Littafin helluma, wato shugaban rukunin ma'aikata, ya nuna yawancin tsayawar inji da raunukan hannu suna faruwa ne tsakanin ƙarfe 3 na dare da wayewar gari, lokacin da mutum ya riga ya yi awa takwas a tsaye. Na biyu kuɗi ne. Ƙarin awa na mutum 48 yana cin naira 1,497,600 a wata. In aka ɗauki sababbin mutum 12 aka kafa rukuni uku na mutum 20, albashinsu zai kama 936,000, a rage 561,600 kenan duk wata. A kan takarda lissafin ya yi kyau.

## Makon farko na Oktoba: sanarwar farko

Ran Litinin aka manna takarda mai layi shida a bakin ƙofa, da Turanci. Ta ce daga Litinin mai zuwa duk ma'aikatan cikin masana'anta za su koma rukuni uku: 6 na safe zuwa 2 na rana, 2 zuwa 10 na dare, 10 zuwa 6 na safe. Layin ƙarshe ya ce duk mai magana ya ga manaja kafin Juma'a.

Mutum biyu kacal suka je wurin manaja a cikin kwana huɗun, shugabanni kuma suka ɗauki shirun a matsayin yarda. Abin da ya faru shi ne, ma'aikatan da ke karanta Turanci ba su da yawa, sauran sun ji labarin ne daga baki zuwa baki, kuma kafin Laraba ya riga ya koma cewa za a rage albashi a sallami tsofaffi. Sanarwar ba ta ce komai a kan kuɗi ba, don haka kowa ya yi nasa lissafin. Ba kuma wanda yake son ya shiga ofishin manaja shi kaɗai a san shi da tayar da ƙura.

Ran Asabar da dare mutum 9 daga cikin 24 ba su zo ba. Shinkafar da aka jiƙa tun yamma ta wuce lokacinta a ruwa domin babu hannun da za su kwashe ta zuwa turara, ta fara tsami, dole aka sayar da wannan zubin a ƙasa da farashi. Ran Litinin ɗin da ya kamata a fara sabon tsari, ma'aikata suka zo ƙarfe 7 kamar yadda suka saba suka tsaya a bakin ƙofa. Wani dattijo mai kula da tukunyar turara ya yi magana a madadinsu: "Ranka ya daɗe, ba aikin muka ƙi ba. A gaya mana nawa za mu riƙa ɗauka a ƙarshen wata, da kuma abin da zai mai da mu gida ƙarfe goma na dare." Manaja ya janye sanarwar a ranar, aka ci gaba da tsohon tsari.

## Mako na biyu: abin da doka ta tanada

Sai a lokacin aka ɗauko Dokar Ƙwadago ta Nijeriya aka duba. Sashe na 13 ya ce lokutan aiki na yau da kullum ana tsayar da su ne ta yardar ɓangarorin biyu, ko ta tattaunawa da ƙungiyar ma'aikata, ko ta hukumar tsara albashin masana'antu inda babu hanyar tattaunawar. Abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne. Sashen ya kuma ce wanda ya yi awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimilla, sannan a kowane kwana bakwai ya sami hutun awa 24 a jere.

Sashe na 7 ne ya ruɗi ofishin kamfanin tun farko. Ya ce in an sami sauyi a sharuɗɗan aiki, a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya bayan sauyin. Magatakarda ya fahimci wannan a matsayin izini na a sauya sannan a sanar. Sashen yana magana ne a kan rubuta abin da ya sauya, bai ba mai kamfani ikon sauya lokutan da ke cikin takardar ɗaukar aiki shi kaɗai ba. Dokar kuma ba ta yanke adadin kwanakin da za a ba ma'aikata su yi shawara a kan sauyin lokaci ba, kamfani ne zai zaɓa.

Akwai wani kuskure da ba wanda ya lura da shi sai a wannan zaman. Sanarwar ta ce "duk ma'aikatan cikin masana'anta", wanda ya haɗa da matan nan bakwai. Sashe na 55 ya hana sa mata aikin dare a masana'anta, ban da wasu kaɗan irin ma'aikatan jinya da masu riƙe da muƙamin shugabanci, kuma dare a ma'anar dokar ya ƙunshi ƙarfe 10 zuwa 5 na asuba. Aka cire su daga tsarin juyi, suka zauna a aikin rana.

## Mako na uku: sanarwa ta biyu

Wannan karon shafi biyu ne, da Hausa da Turanci. An manna a ƙofa, an ba kowa kwafi ya sa hannu cewa ya karɓa, aka kuma rubuta ƙarara a ƙarƙashin layin sa hannun cewa karɓa ba yarda ba ce. Helluman kowane rukuni ya karanta ta da babbar murya lokacin karɓar aiki.

Sanarwar ta raba abin da shugabanni suka yanke da abin da yake a buɗe. An yanke cewa aikin awa 12 zai ƙare, za a koma rukuni uku, ba za a sallami kowa ba, ba kuma za a taɓa ainihin albashi ba. Abin da aka bari a buɗe shi ne ƙarfe nawa za a riƙa karɓa-karɓa, ta wane gefe za a riƙa juyawa, yadda za a yi da Juma'a, sufurin dare, da yadda za a sassauta asarar kuɗin ƙarin awa. Aka rubuta asarar da lambobi: wanda yake ɗaukar 109,200 zai koma 78,000 in ba a yi wani tanadi ba, wato kusan kashi 29 cikin ɗari na abin da yake shiga aljihunsa.

An ba da kwana 21 na shawara, aka faɗi ranar rufewa, da ranakun zama uku, da cewa ba za a fara komai ba sai an ba da ƙarin mako biyu bayan yanke hukunci. Da yake babu ƙungiyar ƙwadago a kamfanin, kowane rukuni ya zaɓi wakilai uku ta ɗaga hannu, mata suka zaɓi ɗaya. An hana helluma tsayawa takara, domin shi ne yake rubuta sunan wanda ya makara. Aka kuma ajiye akwati a ƙofar masallacin kamfani ga mai son rubutawa ba suna.

## Zama na farko: agogo

Wakilai sun fara da ƙarfe 6 na safe. A watannin Disamba da Janairu alfijir ba ya ketowa a Katsina sai wajen biyar da rabi, rana kuma sai wajen bakwai saura. Mai zuwa daga Abukur ko ƙauyukan Batagarawa da zai kama aiki ƙarfe 6 dole ya bar gida kafin sallar Asuba, cikin duhu da hunturu, lokacin da masu Keke Napep ba su fito ba. Ƙarfe 2 na rana kuwa ran Juma'a yana faɗawa ne daidai lokacin da jama'a suke masallaci ko suke dawowa, mai tashi ba zai samu salla ba, mai karɓa ba zai iso ba.

Suka kawo 7, 3 da 11. Bakwai na safe lokaci ne da kowa ya saba da shi. Uku na yamma ya wuce Juma'a, bai kai La'asar ba. Matsalar ta koma kan ƙarfe 11 na dare, wanda ya fi 10 muni ga mai neman abin hawa, don haka aka ɗaure wannan lokacin da sharaɗin mota.

Maganar Juma'a ta warware ne daga bakin mai kula da tukunya. Shinkafa tana yin awoyi a cikin ruwan zafi tana jiƙa, kuma a wannan lokacin ba ta buƙatar hannu da yawa. In aka tsara zubin safiyar Juma'a yadda jiƙon zai faɗo tsakanin ƙarfe 1 da 3, ana iya kashe injin casa, a rage wutar tukunya, masu safe su tashi ƙarfe 1 ba tare da an taɓa kuɗinsu ba, masu yamma su shigo ƙarfe 3. Ma'aikata biyu Kiristoci suka yarda su riƙa tsaron tukunyar a waɗannan awa biyun, a biya su ƙarin awa, a kuma daina kiransu gyaran safiyar Lahadi.

## Zama na biyu: ta ina za a juya

Nan aka fi daɗewa. Shugabanni sun tsara juyi na gaba, wato daga safe zuwa yamma, daga yamma zuwa dare, daga dare a dawo safe, domin shi ne ake yawan ba da shawara a kai: jiki ya fi saurin sabawa da jinkirta barci a kan gaggauta shi. Wani wakili ya nemi a lissafa awoyin hutun ƙarshen mako a allo.

A juyi na gaba, masu safe suna tashi ƙarfe 3 ran Asabar su dawo ƙarfe 3 ran Litinin, awa 48. Masu yamma ma awa 48. Amma masu dare suna tashi ƙarfe 7 na safiyar Lahadi su dawo 7 na safiyar Litinin, awa 24 cif. Doka ta cika, sai dai mutumin da ya kwana shida a farke zai kashe yinin Lahadin yana barci, ya kasa barci da dare, ya zo aikin safe idonsa biyu.

A juyi na baya lissafin ya sha bamban. Masu dare suna tashi 7 na safiyar Lahadi su koma aikin yamma ƙarfe 3 ran Litinin, awa 32. Masu yamma suna tashi 11 na daren Asabar su koma aikin safe ran Litinin, awa 32. Masu safe kuwa suna tashi ƙarfe 3 ran Asabar sai 11 na daren Litinin, awa 56. Jimillar hutun ɗaya ce a tsarin biyu, awa 120, rabon ne ya bambanta. Shawarar juyi na gaba tana da ƙarfi inda ake sauyawa bayan kwana biyu ko uku ba hutu a tsakani. Inda ake sauyawa mako-mako da ranar hutu guda a tsakiya, juyi na baya ne yake ba masu fitowa daga dare isasshen lokaci. Aka ɗauki na baya.

A wannan zaman ne kuma aka gano shugabanni sun lissafa awa 8 na aiki a kowane rukuni, sun manta da hutun awa ɗaya. Ko dai a tsawaita zama ya koma awa 9, rukunoni su riƙa haɗuwa, ko a ƙidaya hutun cikin awa 8. Aka zaɓi na biyu, a riƙa fita hutu mutum biyar-biyar don kada inji ya tsaya.

## Zama na uku: kuɗi

Tayin farko na kamfani shi ne a biya kuɗin ƙarin awa na wata ɗaya a dunƙule a rufe magana. Wakilai suka ƙi. Hujjarsu ita ce yawancin mutane suna cikin adashin da suka shiga bisa 109,200, wasu sun riga sun kwashe, zubi ne ya rage musu, ga kuma bashin taki da ake biya bayan kaka. Kuɗin da aka ba da lokaci ɗaya zai ƙare a mako biyu, zubin kuma yana nan.

Abin da aka daidaita a kai shi ne sauka mataki-mataki ga tsofaffin ma'aikata 48: wata na farko 23,400, na biyu 15,600, na uku 7,800, daga nan a tsaya. Aka ƙirƙiro alawus na dare, naira 800 kowane dare, wanda yake kamawa kusan 7,000 a wata ga mai yin dare mako ɗaya cikin uku. Duk ƙarin awa da ya taso saboda wani bai zo ba, tsofaffi za a fara yi wa tayi, bi da bi daga jerin sunayen da ke manne a allo, ba da zaɓin helluma ba. Aka ɗauki hayar bas a kan 200,000 a wata: tana tashi daga Ƙofar Ƙaura ƙarfe 10 da kwata da masu aikin dare, ta juya da masu yamma bayan 11. Mutanen ƙauye da motar ba ta kai wa aka gyara musu ɗaki da tabarmi da gidan sauro su kwana zuwa Asuba.

Wakilai sun nemi a ƙara ainihin albashi da 10,000. Kamfani ya ƙi, ya kuma rubuta dalilinsa a takardar amsa. Duk buƙatun da suka fito daga zama da akwati an jera su a wannan takardar, kowace da amsarta, an karɓa ko an ƙi da dalili.

## Disamba zuwa Fabrairu: gwaji

A tsakiyar Nuwamba aka fitar da hukunci, kowa ya karɓi takardar da ta gyara lokutan da ke cikin takardar ɗaukar aikinsa. Mutum 44 suka sa hannun yarda. Huɗu suka ce ba za su iya da ragin ba, suka ajiye aiki, aka biya su haƙƙinsu. Aka fara ran Litinin ta farko a Disamba, gwajin mako 12.

Mako biyun farko sun yi wuya. Karɓa-karɓa ta koma sau uku a yini, kuma masu yamma suna barin aiki da gudu don kada bas ta tafi, ba su gaya wa masu dare zubin da ke cikin na'urar busarwa ya yi awa nawa ba. Sau biyu shinkafa ta bushe fiye da kima, ta riƙa karyewa a injin casa. Aka gyara da abu biyu: helluma da mai kula da busarwa suna shigowa minti 15 kafin lokaci a biya su, sannan direba ba ya tashi sai helluman dare ya sa hannu a littafin karɓa. Kuskure na biyu shi ne an zuba yawancin sababbin ma'aikata a rukuni ɗaya, a mako na uku aka sake rabawa daidai.

A ƙarshen gwajin littafin helluma ya nuna tsayawar inji a ƙarshen dare ta ragu ƙwarai, kuma ba a sami raunin da ya kai mutum asibiti ba a cikin makonnin. Aka tabbatar da tsarin, da sharaɗin a riƙa zama mako biyu kafin kowane azumi a duba lokutan sahur da buɗa-baki.

## Hukunci

Sanarwar farko ta faɗi ne saboda ta yi magana a kan agogo ta bar kuɗi, alhali abin da ma'aikaci zai rasa ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da yake ci. Ko da an ba ta wata guda maimakon kwana huɗu, sakamakon ba zai sauya ba, tunda ba ta faɗi abin da ake neman shawara a kai ba. Ta biyu ta yi aiki domin ta faɗi lambar da kowa yake tsoro, ta kuma nuna iyakar abin da zai iya motsawa. Lokutan 7, 3 da 11, da tsarin Juma'a, da juyi na baya, duk daga wakilai suka fito.

Ribar albashin da aka yi hasashe ba ta samu ba. Daga 561,600, alawus na dare ya ci 416,000, mota ta ci 200,000, kamfani yana kashe kimanin 54,400 fiye da da a kowane wata, ban da kuɗin saukar mataki-mataki da ya haura miliyan biyu. Abin da ya samu shi ne raguwar tsayawar inji da rauni. Ma'aikacin da ya zauna kuwa, bayan wata na uku yana ɗaukar kusan 85,000 maimakon 109,200, da ƙarin awa huɗu a hannunsa kowace rana. Masu gona da masu sana'ar hannu sun ga riba a wannan musayar, waɗanda albashin ne kaɗai abin dogaronsu ba su gani ba, kuma buƙatar ƙarin 10,000 tana cikin abubuwan da wakilai suka rubuta za su sake kawowa a zama na gaba.